Yaron da Aka Jingine da Bango

Aikina magana ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama a ɗakin watsa shirye-shirye na wani gidan rediyo a nan Damagaram, ina karanta labaran rana da Hausa. Ranar Asabar kuma ni ke gabatar da shirin iyali, inda mata ke bugo waya su tambaye ni yadda za su yi da yaro mai ƙiuya ko yarinya mai ɓoye-ɓoye, ni kuwa in yi ta zuba bayani kamar wadda ta gama sanin duniya. Amma ɗana na fari ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Haka na taso na ga uwata tana yi da babban wanmu. In zan aike shi sai in ce «kai, zo nan», in zan ba da labarinsa sai in ce «yaron nan». Hirarsa da kakarsa yake yi, ita ke ce masa maigida, su yi ta faɗan kuɗin cefane. Ni da shi kuwa, daga «ka ci abinci?» sai «ka yi salla?».

Shekararsa goma sha uku, yana aji na biyu a kwaleji, wanda muke cewa sankiyam. A cikin sanyin bara na lura da wani abu. Ranakun da ba ni da aikin safe, sai in gan shi ya shigo gida wajen ƙarfe goma, lokacin da ake ba su hutun hantsi, yana haki. Ran farko ya ce alƙalami ya manta. Ran na biyu ya ce ruwa ya zo sha. Lakwal ɗinsu ba nisa, amma zuwa da komawa a guje sai ya cinye hutun duka. Yakan leƙa ɗakin Hajiya, ya leƙa madafa, ya dubi ƙanwarsa da ke wasa a tsakar gida, sai ya juya ya fita. Na ɗauka ko wani ne ke cin zalinsa a lakwal. Na tambaya ta bakin kakarsa, ya ce babu.

Wata ranar Alhamis ina kaɗe shimfiɗarsa littafin ya faɗo. Na Faransanci ne, ya sha hannu, bangonsa har ya fara rabuwa: Allah n'est pas obligé, na Ahmadou Kourouma. Daga baya na ji cewa ɗan maƙwabtanmu da ke lise ne ya ara masa. Na san sunan littafin tun ina makarantar aikin jarida, na san labarin yaran da aka mayar sojoji ne a yaƙin Laberiya da Saliyo, amma ban taɓa karanta shi ba. Na buɗe inda ya naɗe kunnen takarda, na karanta rabin shafi a tsaye, sai na ji cikina ya juya. Ban yi wata-wata ba na kai shi ɗakina na tura ƙarƙashin katifa. Da ya dawo ya yi ta dube-dube, bai tambaya ba, ni ma ban ce komai ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ban daɗe ba na gane. Washegari ƙarfe goma ya sake shigowa yana haki. Na raba shi da takarda, amma abin da ya karanta yana nan cikin kansa. Abin da na ƙara masa kawai shi ne ya san cewa maganar ba ta faɗuwa a gidan nan. Kuma na tsayar da shi a tsakiyar labari, a daidai wurin da ya fi muni, ba tare da ya san yadda aka ƙare ba.

Dare biyu na yi ina karanta littafin da fitilar waya, bayan kowa ya kwanta. Shafi 200 ne da ƴan kai. Mai ba da labarin yaro ne, Birahima, ɗan ƙabilar Malinke, shekararsa goma ko sha biyu, shi ma bai tantance ba. Uwarsa ta rasu bayan doguwar jinyar gyambo a ƙafa, sai aka haɗa shi da wani boka mai suna Yacouba ya kai shi wurin ƴar'uwar uwarsa, Mahan, a Laberiya. A hanya suka faɗa hannun masu bindiga, aka ba shi kalashinkof, aka ba shi abin sa maye, ya yi ta sauya iyayen gida daga wannan madugun yaƙi zuwa wancan, har cikin Saliyo. Duk lokacin da wani yaro abokinsa ya mutu, Birahima yakan tsaya ya ba da tarihinsa, ya faɗi yadda aka yi ya zama soja. Littafin ya fito a shekarar 2000, ya ci kyautar Renaudot, ya kuma ci kyautar Goncourt ta ƴan lise, wadda ɗalibai da kansu ke zaɓen wanda za a ba. Wato an san matasa na karanta shi, amma ƴan shekara sha biyar zuwa sha takwas. Nawa ya riga lokacinsa da shekara biyu ko uku.

Tun ina karantawa nake lissafa wuraren da nake zaton su suka firgita shi. Na sa alama a inda ake yanke wa mutane hannu a Saliyo, da inda aka azabtar da shugaban Laberiya Samuel Doe, da wuraren da aka ci zarafin ƴan mata. Na shirya bayani a kan kowanne, kamar yadda nake shirya shirin Asabar. Sai da na koma shafin da ya naɗe na karanta shi tun daga sama, a natse, sannan na ga abin da idona ya tsallake ran farko. Tarihin wani yaro ne mai suna Kik. Yaƙi ya shigo ƙauyensu da misalin ƙarfe goma na safe, yara suna makaranta, iyaye suna gida. Yaran suka watse cikin daji. Da ƙura ta lafa Kik ya koma gida, ya tarar an kashe ubansa da uwarsa da ƴan'uwansa duka.

Ƙarfe goma na safe. Na ajiye littafin na yi zaune a duhu. Kwana nawa ke nan yaron nan yana zuwa duba ko muna da rai, ni kuwa ina yi masa faɗan yawon banza.

Ban kira shi ɗaki na zaunar da shi ba. Da na yi haka, da ya ɗauka hukunci ne, da ni ma kunya ta ɗaure mini harshe. Na bari sai ranar Lahadi da la'asar, ina tsinke zogale a tsakar gida, na ce ya zo ya taya ni. Hannu na aiki, ido na kan faranti, ba wanda ke kallon wani. Na fiddo littafin daga ƙarƙashin zanena na ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

Na ce, «Ni na ɗauka. Ban kyauta ba da ban gaya maka ba. Na karanta shi duka.»

Ya yi shiru, yana ta tsinkar ganye har da wanda bai kamata ba. Can ya ce, «Duka, Mama?»

«Duka. Wani wurin sai da na rufe na tashi na sha ruwa. Kai ina ka tsaya?»

Na tambaye shi inda ya tsaya ne da gangan, ban ce masa ko ya ji tsoro ba. Namijin shekara sha uku ba zai amsa wa uwarsa cewa ya ji tsoro ba, ko da yana rawar jiki. Amma labari zai iya bayarwa. Ya fara ba ni labarin Kik da Hausa, yana cakuɗawa da Faransanci. Ya wuce wurin kisan iyayen da sauri, da jimla ɗaya. Inda ya daɗe shi ne abin da ya biyo baya: yadda Kik ya taka nakiya, aka yanke masa ƙafa, sannan abokan tafiyarsa suka jingine shi da bangon wata bukka suka yi gaba. Ya maimaita wannan har sau biyu. Ya ce, «Da ransa fa, Mama. Yana kallonsu suna tafiya.» Ya ce haka ma aka yi wa wata yarinya, Sarah, aka bar ta a gindin itace da rauni a ƙafa.

A nan na koyi abin da duk shirye-shiryena ba su koya mini ba. Abin da ke girgiza babba ba lalle shi ke girgiza yaro ba. Ni jini da wuƙa na gani. Shi kuwa ba jinin ya tsaya masa a rai ba, abu biyu ne: ka dawo ka tarar babu kowa, da kuma naka su tafi su bar ka. Da na buɗe baki da bayanin da na shirya a kan yanke hannu, da na ɗora masa wani sabon kaya, don ko wurin bai kai ba tukuna.

Sai ya yi tambayar da na san tana tafe. «Gaskiya ne, ko ƙirƙira ce?»

Amsa mai sauƙi tana bakina: labari ne kawai, ka manta da shi. Na haɗiye ta. Yaron da ke da waya a hannun abokai zai gano ƙaryar cikin kwana ɗaya, daga nan kuma ba zai sake kawo mini irin wannan tambaya ba. Sai na raba masa abin gida biyu, kamar yadda muke yi a ɗakin labarai. Na ce Birahima da Kik da Sarah marubucin ne ya ƙirƙiro su, ba wani yaro mai wannan suna da aka jingine da wancan bango. Amma yaƙin an yi shi. Charles Taylor ya shiga Laberiya da mayaƙansa a watan Disamba na 1989. Mutanen Prince Johnson sun kama Samuel Doe suka kashe shi a watan Satumba na 1990. Yaƙin Saliyo ya fara a 1991, bai ƙare ba sai 2002, kuma ƴan tawayen Foday Sankoh sun yanke wa mutane hannuwa da gaske. An ba yara bindiga da gaske. Marubucin ya tattara abin da ya sami yara da yawa ne ya zuba a kan ƴan kaɗan, don mai karatu ya iya riƙe su da suna.

Na ƙara masa da abin da littafin ba zai iya faɗa ba, tunda ya fito kafin a yi shi. Yaƙin ya ƙare. Sankoh ya mutu a tsare a 2003 yana jiran shari'a. A 2012 kotu ta musamman kan Saliyo ta sami Taylor da laifi, ta yanke masa shekara 50, kuma cikin laifuffukan har da saka yara ƴan ƙasa da shekara 15 a yaƙi. Ya ɗago kai karon farko ya ce, «Yana gidan kaso yanzu?» Na ce yana can a Birtaniya. Na ga kafaɗarsa ta ɗan sauka. Ban ce masa an yi wa kowa adalci ba, don ba a yi ba: Prince Johnson ya koma gida har ya zama sanata. Wannan ma na gaya masa, da ya tambaya. Amma yaro yana bukatar ya ji cewa abin yana da ƙarshe, kuma akwai wurin da aka kira shi laifi.

Mun kusa gama zogalen ya ce, murya ƙasa-ƙasa, akwai wani abu. Ya ce wani lokaci yana karantawa sai dariya ta kama shi, har a wurin da ake mutuwa, sai ya ji kamar shi mugu ne. Na ce ni ma na yi dariyar, ƙarfe biyun dare, ni kaɗai. Littafin haka aka gina shi. Birahima baki gare shi, ga zagi, ga ba'a, kuma yana yawo da ƙamus har huɗu. Yana tsakiyar ba da labarin abin tsoro sai ya tsaya ya fassara wata kalma kamar malamin aji. Na tambaye shi, a ganinsa me ya sa yaro zai tsaya neman ma'anar kalma alhali ga gawa a gabansa? Ya yi tunani ya ce, «Don kada ya kalli gawar.»

Ban taɓa jin wanda ya bayyana aikina a taƙaice haka ba. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidan ba. A watan Disamba na 2019, da aka kai hari sansanin soji na Inates aka kashe sojoji 71, ni na karanta labarin da rana. Bayan wata ɗaya na karanta na Cinagodar, sojoji 89. Muryata ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Na ce «sun kwanta dama», na ce «sun riga mu gidan gaskiya», na faɗi adadi, na wuce zuwa labari na gaba. Sai da na fito na shiga banɗaki na kulle ƙofa. Waɗannan kalmomi su ne nawa ƙamus ɗin. Mai sauraro da bai sani ba zai ce matar nan ba ta da zuciya. Na ce masa dariyar Birahima irin wannan muryar ce, kuma wanda ya yi dariya tare da shi sannan ya ji nauyin dariyar, ya karanta littafin yadda marubucin ya so. Mugu ba ya jin nauyin.

Na ɗauka mun gama. Na tashi zan kai faranti madafa sai ya ce, «Mama, Kawu fa?»

Ƙanena soja ne. Shekara uku ke nan yana yankin Diffa, wajen bakin tafkin Cadi. Shi ya saya wa yaron nan kekensa na farko, shi ke ɗaukarsa a babur ran salla. In ya bugo waya ba ya faɗin komai sai lafiya lau, a gaida Hajiya.

Na dawo na zauna. Na ce, «Kawu me?»

«In yaro ne ya riƙe bindiga, kamar Birahima, Kawu zai harbe shi?»

Wannan ce tambayar da ke ƙarƙashin duk sauran, kuma ba ta cikin takardar da na shirya. Littafin ya sa shi ya so yaro mai bindiga, ya san sunansa da sunan uwarsa. Ga shi kuma yana da kawu wanda aikinsa fuskantar masu bindiga ne, kuma ya ji a rediyo, daga bakina, cewa Boko Haram na sace yara tana saka su a gaba. Ya rasa ɓangaren da zai tsaya. In na ce Kawu ba zai taɓa yin haka ba, na yi alkawarin da ba nawa ba. In na ce ai su ƴan ta'adda ne, na rushe abin kirki guda da littafin ya gina masa.

Na ce masa, in ana ruwan harsashi, soja yana mayar da wuta ne inda wuta ta fito, ba shi da damar tambayar shekaru, kuma wannan na cikin abin da ya sa saka yaro a yaƙi ya zama babban laifi: wanda ya ba yaron bindiga ya cuci yaron, ya kuma cuci wanda zai fuskance shi. Amma in yaron ya ajiye bindiga, ko aka kama shi, doka ta ce yaro ne, ba a kashe shi, a hannun masu kula da yara ya kamata ya ƙare. Na ba shi labarin sansanin da aka buɗe a Gudumariya, can yankin Diffa, inda aka karɓi waɗanda suka tuba suka fito daga daji, aka koya musu sana'a. Na ce zai iya tausaya wa Birahima ya kuma yi wa Kawu addu'a a salla guda, ba sai ya zaɓi ɗaya ba.

Ya ce, «In Kawu ya ji rauni, za su bar shi?»

Na ce sojoji suna da masu jinya da motoci, kuma an hore su su ɗauko nasu. Su Kik ba runduna ba ne, yara ne a hannun mutanen da ba su ɗauke su a bakin komai ba. Daga nan na yi abin da ban saba ba. Na dube shi ido cikin ido na ce, «Na san abin da ke kawo ka gida ƙarfe goma.» Ya sunkuyar da kai. Ban ce masa ba abin da zai taɓa faruwa a garin nan ba, don shi ma yana jin labarai. Na ce masa inda ake faɗan da nisa, tafiyar ɗaruruwan kilomita ce daga nan. Na ce a gidan rediyo nake aiki, in wani abu ya taso ina cikin waɗanda za su fara ji, kuma in ya taso, ya zauna a lakwal tare da malamai, ni ko babansa ɗaya zai zo ya ɗauke shi, ba zai dawo ya tarar da gida shi kaɗai ba. Na ce tsaron gidan nan aikinmu ne, ba nasa ba. Ya ce to. Hajiya daga ɗaki ta ɗaga murya ta ce wace hira ce ake yi da mijinta ba a sa ta ba, muka yi dariya, aka tashi.

Da dare na yi shawara da babansa. Shi ra'ayinsa a mayar da littafin, yaro ya jira ya girma. Ban ga laifinsa ba, da tun farko aka tambaye ni, da na ce a bari sai ya shiga lise. Amma ya riga ya yi nisa, kuma na ga abin da tsayawa a tsakiya ya haifar. Muka daidaita a kan sharuɗɗa. Zai karanta da rana, a tsakar gida, ba da dare a shimfiɗa ba. Littafin zai kwana a ɗakina. Na gaya masa tun kafin ya kai cewa akwai wurare biyu masu nauyi a gaba, na Doe da na yanke hannu, na faɗa masa abin da ke ciki a jimla ɗaya ɗaya, na ce yana da izinin tsallakewa, ba ragwanci ba ne. Abin da aka san yana tafe ba ya dukan mutum kamar wanda ya faɗo masa ba zato. Wuraren cin zarafin mata kuwa babansa ya ɗauki nauyin magana da shi a kai, don akwai iyakar da kunyata ba za ta ƙetare ba, kuma gara ya ji daga bakin namiji cewa wannan ba jarumta ba ce. Sun yi maganar a kan babur, a hanyar kasuwa. Ban tambayi abin da suka ce ba.

Na Doe ya tsallake. Na yanke hannu ya karanta, ya zo ya same ni ina wanke-wanke ya ce wai don kada mutane su yi zaɓe ne. Na ce haka littafin ya kawo, kuma an yi zaɓen a 1996 duk da haka, Ahmad Tejan Kabbah ya ci. Ya ce, «Ashe bai hana ba.» Ya koma ya ci gaba.

Ban daina sa ido ba. Na riƙa lura da barcinsa da cin abincinsa, da ko yana fita ƙwallo da yamma. Na yi niyya in mako biyu ko uku suka wuce yana nan yana zuwa duba mu, ko ya fara firgita cikin dare, ko ya daina shiga cikin yara, zan rufe littafin in nemi likita, don a lokacin abin ya wuce na takarda. Kuma na san da a ce yaron nan ya taɓa ganin irin wannan da idonsa, kamar yaran da suka gudo daga ƙauyukan bakin iyaka, da ban bi wannan hanya ba sam. Wanda ya gani, shafin ba labari yake ba shi ba, mayar da shi can yake yi. Nawa ya sake zuwa ƙarfe goma sau biyu a makon farko. Na biyun na ce, «Muna nan.» Ya ce, «Na sani, ruwa na zo sha.» Ya sha ruwan kuwa. Daga ranar bai sake ba.

Ya gama littafin cikin kwana goma sha biyu. Ya ji haushi da Birahima bai tarar da Mahan da rai ba, bayan duk wannan tafiya. Amma ya so yadda aka ƙare: yaron yana zaune cikin mota, an ce ya ba da labarinsa, sai ya fara da kalmomin da littafin ya buɗe da su. Na gaya masa cewa Kourouma, mutumin Kodebuwa, shi ma ya yi aikin soja a ƙuruciyarsa, kuma ya sadaukar da littafin ga yaran Jibuti, don su suka roƙe shi ya yi rubutu a kan yaƙin ƙabilanci. Ya yi mamaki ƙwarai. Ya ce, «Yara ne suka ce a rubuta?» Na ce yara ne. Sai na tuna katifata, na ji kunya.

Da Kawu ya zo hutu bayan ƙaramar salla, na zuba ido in ga ko zai yi masa tambayar. Bai yi ba, a gabana dai. Na gan su zaune a ƙofar gida suna shan shayi har bayan isha'i, Kawu na magana a hankali, shi yana saurare. Ban matsa kusa ba.

Har yau ba na kiran sunansa. Amma yanzu yana sauraron labaran rana in ya dawo da wuri, abin da da bai dame shi ba. Kwanan baya na karanta labarin wani hari, na faɗi adadi da muryar da na saba, na wuce. Da na dawo gida yana tsakar gida yana gyaran sarƙar kekensa. Bai ɗago ba ya ce, «Mama, waɗanda kika faɗa yau, akwai yara a ciki?» Na ajiye jakata, na jawo kujera ƴar tsugune, na zauna kusa da shi.